Shafi na 14

Shekara uku na yi ina koyar da hujja gurguwa a ajin aljebura na 'yan shekara ta biyu, kuma duk tsawon lokacin nan ina alfahari da ita. Ba daga littafi na ɗauko ta ba, balle in ɗora wa wani laifi. Ni na ƙirƙiro abata wani dare ina shirya darasi, na ga ta fi ta littafi gajarta da layi shida, na buga ta a takardun darasi da ɗalibai ke kai wa masu fotokwafi a bakin ƙofar makaranta. Tana nan a shafi na 14. Idan na zo wurin a aji har gyara tsayuwa nake yi, in ce musu marubuta littattafai suna son wahalar da mutane ne kawai, ga hanya nan miƙaƙƙiya.

Maganar a kan matiris mai daidaito ce, wadda muke kira simetirik. Matiris dai jadawalin lambobi ne, layuka a kwance da layuka a tsaye. Ana cewa tana da daidaito idan lambar da ke layi na ɗaya gida na biyu ita ce a layi na biyu gida na ɗaya, haka har ƙarshe, kamar an naɗe takarda a kan layin da ya taso daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, kowace lamba ta faɗa kan irinta. A rubuce, Aᵀ = A. Idan ka samu bekta x wadda ba sifili ba, da lamba λ, har Ax = λx, wato matiris ɗin ba ta karkatar da x ba sai dai ta miƙar da ita ko ta taƙaita ta, to λ ita ce aigenbalu, x kuma aigenbekta. Ƙa'idar da nake koyarwa tana da rassa biyu. Na farko, idan duk lambobin cikin matiris mai daidaito na zahiri ne, babu i a cikinsu, to aigenbalu ɗinta ma duk na zahiri ne. Na biyu, aigenbekta biyu masu aigenbalu daban-daban suna haɗuwa ne a kusurwar digiri 90, ninkin ɗigonsu sifili. Cauchy ya tabbatar da reshen farko tun 1829, tun kafin a saba rubuta matiris yadda muke rubuta ta yau. Ni kuma sai ga ni, bayan shekara ɗari da tamanin da ɗoriya, ina ganin na yi masa gyara.

Misalin da nake buɗe darasin da shi ba shi da aibi. Matiris ce mai layi biyu: na farko (2, 2), na biyu (2, 5). Aigenbalu ɗinta 6 da 1. Ka ninka ta da (1, 2) ka samu (6, 12), ninki shida ke nan. Ka ninka ta da (2, −1) ka samu (2, −1), ba abin da ya canza. Ninkin ɗigon bektocin biyu kuwa 1×2 + 2×(−1) = 0. Komai ya fito tsaf, ɗalibai su gyaɗa kai. Daga nan sai in ce, to ga dalili.

Ga hujjata yadda take a shafin. A ɗauka Ax = λx. A ninka ɓangarorin biyu da xᵀ ta hagu, sai a samu xᵀAx = λxᵀx. A raba, sai λ = xᵀAx / xᵀx. Na sama lamba ce ta zahiri, domin lambobin zahiri aka ninka aka tara. Na ƙasa ma ta zahiri ce, kuma ta fi sifili, domin jimillar x₁² + x₂² + … ce. Zahiri a raba da zahiri, zahiri ne. Shi ke nan. Layi huɗu, sai in ja layi biyu a ƙarƙashi da alli.

Mai karatu, ka dakata ka sake duba ta kafin ka wuce. Idan ba ka ga ɓarakar ba, kada ka ji kunya, ɗalibai fiye da ɗari uku ba su gani ba, ni da na haife ta ma ban gani ba.

Ranar da asirina ya tonu, Laraba ce, lokacin hunturu, darasin ƙarfe takwas na safe. Rabin ajin a duƙunƙune cikin rigunan sanyi, alli yana ƙin kama allo. Na gama layina huɗu, na ja layi biyu, ina karkaɗe hannu, sai wata ɗaliba daga benci na uku ta ɗaga biro. Ba mai yawan magana ba ce, tun farkon zangon ban ji muryarta ba.

Ta ce, "Malam, don Allah a ina aka yi amfani da daidaiton?"

Na ce, "Wane daidaito?"

"Na matiris ɗin, Malam. An ce sai mai daidaito, amma a layukan nan huɗu ban ga inda Aᵀ = A ya shigo ba."

A nan ne ya kamata in juya in kalli allo. Ban juya ba. Na yi abin da malami ke yi idan an taɓa inda bai shirya ba: na ƙara murya. Na ce mata daidaiton yana zuwa a reshe na biyu, ta yi haƙuri, gaggawa aikin shaiɗan ce. 'Yan aji suka yi dariya, ni ma na ji daɗin dariyar. Ta ce, "To, Malam," ta sunkuyar da kai. Na ci gaba.

Da aka tashi, ina tattara takardu, ta zo ta ajiye wata 'yar takarda da ta yago daga littafinta, ta ce, "Malam, idan ka samu lokaci a duba mini wannan. Na bi layukan nan huɗu da ita, sun ce amsarta ta zahiri ce, amma ni i nake samu. Wataƙila ni ce na yi kuskure." Ta wuce. Matiris ce ƙarama a jiki, layin farko (0, −1), na biyu (1, 0).

Na san ta sarai. Duk wanda ya koyar da wannan fanni ya san ta: ita ce mai juya kowace bekta digiri 90 a kan shimfiɗa. Ba ta da daidaito, −1 na sama, 1 na ƙasa. Lissafin aigenbalu ɗinta yana kaiwa ga λ² + 1 = 0, wato λ = i ko λ = −i. Ni da kaina na yi musu wannan misali mako biyu kafin ranar.

Na zauna a ofis, shayi na gefe yana hucewa, na ɗora takardarta kusa da shafi na 14. Na bi layi na ɗaya: Ax = λx, babu daidaito. Na biyu, ninki da xᵀ, babu. Na uku, rabawa, babu. Na huɗu, babu. Na koma sama na sake bi da yatsa kamar ɗan makarantar allo, ko zan tsinci Aᵀ a maƙale a wani lungu. Babu shi. Ke nan hujjata ba ta san bambancin matiris mai daidaito da wadda ba ta da shi ba. Idan gaskiya take faɗa, to duk matiris mai lambobin zahiri a duniya aigenbalu ɗinta na zahiri ne, ga kuma 'yar takarda a gabana tana cewa ƙarya ne. Na ji wani zafi ya taso mini daga wuya zuwa kunne, a cikin sanyin nan. Abin da ya fara zuwa raina ba lissafi ba ne, dariyar da aji ya yi mata ce, da yadda na ji daɗinta.

Sai da kunyar ta ɗan lafa sannan na nemi inda ƙafar ta karye. A layi na huɗu ne, wurin da na ce na sama lamba ce ta zahiri domin lambobin zahiri aka ninka. Wa ya ce lambobin cikin x na zahiri ne? Ni na ce, ban kuma sanar da kowa na ce ba, har kaina. Idan λ tana da i a cikinta, kuma A ta zahiri ce, to dole x ta ƙunshi i, domin A ba za ta ninka bekta ta zahiri ta fitar da i daga babu ba. Saboda haka cewa x ta zahiri ce daidai yake da cewa λ ta zahiri ce. Abin da aka ce in tabbatar shi na saka a aljihu tun daga ƙofa, na zaga, na fito da shi na ce ga shi na samo. Irin mai awo ne da ya ɗora hannunsa a kan sikeli, sannan ya rantse da abin da sikelin ya nuna.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Na fitar da aigenbektar matiris ɗin ɗalibar: x = (1, −i). Ninka ta ka samu (i, 1), wanda shi ne i sau (1, −i), daidai. Sai na lissafa na ƙasan hujjata, xᵀx = 1² + (−i)² = 1 − 1 = 0. Sifili. Wato a layi na uku da sifili na raba, laifin da nake zare wa 'yan shekarar farko ido a kansa. Bekta ba sifili ba ce, amma jimillar murabba'in lambobinta sifili ne, abin da ba ya taɓa faruwa da lambobin zahiri, yana kuma faruwa cikin sauƙi da zarar i ta shigo.

Daga nan na gane abin da layuka shidan littafi suke yi, waɗanda na ɗauka ƙawa ce. Kowace lamba z = a + bi tana da abokiyar zama, z̄ = a − bi, wadda littattafai ke kira konjuget, ɗalibaina kuma suka raɗa mata kishiya. Abu biyu ake buƙata daga gare ta. Idan ka ninka lamba da kishiyarta, ka samu a² + b², ta zahiri, kuma ba ta zama sifili sai in lambar kanta sifili ce. Idan ka tara lamba da kishiyarta, ka samu 2a, i ta ɓace. Hujja ta gaskiya tana barin ƙofa a buɗe: wataƙila λ na da i, wataƙila x na da i, ba mu sani ba tukuna. Maimakon xᵀ sai a ninka da x̄ᵀ, wato a juya bektar a kuma musanya kowace lamba da kishiyarta:

x̄ᵀAx = λ x̄ᵀx

Yanzu na ƙasa ya samu lafiya. x̄ᵀx = |x₁|² + |x₂|² + …, ta zahiri, ta kuma fi sifili tabbas. Ga (1, −i) amsar 1 + 1 = 2 ce, ba sifili ba. Saura na hagu, kuma a nan ne daidaiton yake aikinsa. Na fi son a gan shi da ido a matiris mai layi biyu. A ce layin farko (a, b), na biyu (c, d), bekta kuma (p, q). Idan aka baje ninkin, abin da ke fitowa shi ne:

x̄ᵀAx = a|p|² + d|q|² + b(p̄q) + c(q̄p)

Kashi biyun farko na zahiri ne ko da wace irin matiris ce. Rigimar tana kashi biyun ƙarshe. Ka lura p̄q da q̄p kishiyoyin juna ne. Idan b = c, sai a fitar da b waje, a bar p̄q + q̄p, lamba da kishiyarta a tare, i ta ɓace. Duka jimillar ta zama ta zahiri, a raba ta da lamba ta zahiri mai fin sifili, λ ta fito ta zahiri. A babbar matiris ma haka ne: kowace lamba da ke sama da layin naɗi tana da irinta a ƙasa, su biyun su riƙo kishiyoyi biyu da nauyi ɗaya, su kashe i a tsakaninsu. Wannan shi ne duk sirrin. Idan kuwa b da c sun bambanta, nauyin bai zo ɗaya ba, sai saura ya rage. A matiris ɗin ɗalibata b = −1, c = 1, p̄q = −i, q̄p = i, jimilla i + i = 2i. Raba da 2, ka samu i. Ga aigenbalun nan ta fito da kanta, daga daidai gurbin da hujjata ta rufe ido a kansa.

Sai bayan an tabbatar λ ta zahiri ce ake da izinin ɗaukar x ta zahiri. Dalili kuwa, A − λI yanzu matiris ce ta lambobin zahiri zalla wadda ditaminan ɗinta sifili ne, don haka warware (A − λI)x = 0 ta hanyar rage layuka ba zai taɓa buƙatar i ba. Abin da na ɗauka a farko gaskiya ne, amma wurinsa ƙarshe. Shi ya sa kuskuren ya daɗe bai fito ba: duk misalin da na yi a allo amsarsa daidai take fitowa, domin ƙa'idar gaskiya ce, hujjar ce kawai ta banza. Amsa mai kyau ba ta tona asirin hujja marar kyau.

Da akwai alamar da ta isa ta farkar da ni tun ranar farko, ita ce kuma ɗalibar ta gani. Ƙa'ida ta zo da sharuɗɗa biyu, zahiri da daidaito. Hujjar da ta kai ƙarshe ba ta taɓa ɗaya daga cikinsu ba, to ko dai sharaɗin ba shi da amfani, ko hujjar ta ruɓe. Gwajin kuma ba ya cin minti biyar: ka cire sharaɗin, ka nemi misalin da ya karya ƙa'idar, ka bi hujjarka da shi ka ga inda za ta tsaya. Idan ba ta tsaya ba, ta faɗi. Cire daidaito, matiris mai juyi ta ba ka i. Cire zahiri, ka ɗauki mai layi (0, i) da (i, 0): tana da daidaito sarai, amma λ² = −1, i ta sake dawowa. Ga masu i a ciki sharaɗin da ke aiki shi ne Āᵀ = A, irin matiris ɗin da aka sa wa sunan Hermite.

Tun da na tsorata da kaina, sai na bi reshe na biyu da fitila. Hujjarsa lafiya lau take, alhamdu lillahi. A ce Ax = λx, Ay = μy, duka na zahiri, yanzu da izini. Daidaito yana ba ka damar ɗauke A daga jikin bekta ɗaya ka maida ta jikin ɗayar ba tare da ninkin ɗigo ya canza ba: (Ax)·y = x·(Ay), domin (Ax)ᵀy = xᵀAᵀy, kuma Aᵀ ita ce A. Na hagu λ(x·y) ne, na dama μ(x·y). A kwashe ɗaya daga ɗaya:

(λ − μ)(x·y) = 0

Idan λ da μ sun bambanta, babu mafita sai x·y = 0. A misalin buɗe darasi, lamba ɗaya ce aka auna ta hanya biyu, ta farko ta ce ninki 6, ta biyu ta ce ninki 1, kuma babu lambar da ninkinta shida zai yi daidai da ninkinta ɗaya sai sifili. Cire daidaito nan ma ka gani: mai layi (2, 1) da (0, 3) aigenbalu ɗinta 2 da 3, na zahiri, amma bektocinta (1, 0) da (1, 1), ninkin ɗigonsu 1, kusurwar digiri 45 ce tsakaninsu.

Sai dai a ƙasan hujjar mai lafiya na tarar da wata jimla tawa: wai saboda haka duk aigenbektocin matiris mai daidaito suna kan digiri 90 da juna. Kalmar "daban-daban" ta zube a hanya. Ɗauki matiris mai layi uku, 2 a kan layin naɗi, 1 a sauran gidaje duka. Aigenbalu ɗinta 4, da 1 sau biyu. Bektocin (1, −1, 0) da (1, 0, −1) duka na 1 ne, ninkin ɗigonsu kuwa 1, ba sifili ba. Ba su saɓa wa komai ba, domin λ − μ a nan shi ne sifilin, bai tilasta wa x·y komai ba. Ana iya zaɓo masu digiri 90, amma zaɓowa ake yi da hannu: ka cire rabin ta farko daga ta biyu, hanyar Gram da Schmidt ke nan, ka samu (½, ½, −1), ko (1, 1, −2) in ka ninka da biyu, sai ɗigon ya zama sifili. Kuskure biyu a shafi ɗaya. Wannan na biyun ban ma ji zafinsa sosai ba, wanda ya faɗa rijiya ba ya kukan yayyafi.

Abin da ya hana ni barci daren nan wani ne daban. Na tuna jarrabawar shekarar da ta gabata. Na yi wannan tambaya, maki goma. Waɗanda suka haddace layina huɗu na ba su goma cif. Akwai wani yaro da ya cika shafi da kishiyoyi, sanda a kan kowace x, ya bi hanyar littafi tiryan-tiryan. Na ba shi bakwai, na rubuta masa da jan biro cewa ya yi dogon zance. Shi kaɗai ne ya amsa tambayar a ajin nan, shi kuma na rage wa maki. Ya riga ya wuce aji na gaba, sakamako ya daɗe da fita. Na neme shi na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba komai, Malam, ai na ci kwas ɗin." Da ya yi fushi da na fi samun sauƙi.

Larabar da ta biyo na shiga aji na rubuta layina huɗu kamar kullum, na rubuta matiris mai juyi a gefensu, na ce su nemo mini inda na yi ƙarya. Minti goma sha biyar suka yi suna muhawara kafin wani ya ce, "Malam, x ɗin!" Na gaya musu wadda ta fara gani, na kuma ba ta haƙuri a gabansu, tun da a gabansu na gwasale ta. Ta rufe fuska da gefen mayafi, ba ta ce komai ba.

Takardun dai sun riga sun bazu. Masu fotokwafi ba sa zubar da tsohon kwafi, ɗalibai kuma suna gadar wa ƙannensu. Duk wanda ya yi aljebura a hannuna a shekarun nan uku, ko ya gaji takarduna daga wani, don Allah ya buɗe shafi na 14, ya soke layuka huɗun da ke sama, ya ɗora sanda a kan x ta hagu, sannan ya ƙara "masu aigenbalu daban-daban" a jimlar ƙarshe.